Yadda ake haɗa murya, kiɗa da ƙararraki a katun ya fito tangaran a sifikar waya

Masu haɗa katun a nan Kaduna suna yawan yi min tambaya guda, ta kira ko in mun haɗu: me ya sa aiki yake daɗin ji a hedifon amma da an tura shi waya sai maganar ta nutse, kiɗa ya danne komai, ko kuma mai kallo ya yi ta fama da bolum, yanzu ya ƙara yanzu ya rage? Toh ga yadda nake yi daki-daki. Abu ɗaya dai nake so ka riƙe tun yanzu, murya ce uwar tafiya, ita za ka fara gyarawa ka kafa ta, kiɗa da sauran ƙararraki su zo su zauna a ƙarƙashinta, ƙarfin sautin gaba ɗaya kuma shi ne abu na ƙarshe da za ka taɓa.

Zan yi misali da ɗan katun na minti 3: uwa tana girki a tsakar gida, ɗanta ya shigo da gudu akuya na bin sa, akuyar ta ture kwanon sha ya faɗi ƙasa, kawu ya leƙo daga zaure yana faɗa. Muryoyi uku, kiɗa mai kalangu da bas, sai kukan akuya, takun gudu da faɗuwar kwano.

1. Kayan aiki da abin da za ka kashe

Manhaja ba sai ka saya ba. Audacity kyauta ce kuma ba ta da nauyi, tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta, da ita zan yi bayani. Wanda yake da kwamfuta mai ƙarfi zai iya amfani da DaVinci Resolve, akwai ta kyauta, ɓangaren sautinta ana ce masa Fairlight, matakan kusan iri ɗaya ne, sai dai sunayen maɓallai da yadda ake yin wasu sun bambanta. Sai ffmpeg domin awo a ƙarshe, ita ma kyauta.

Inda kuɗinka zai tafi shi ne hedifon mai waya wanda yake rufe kunne, da data, da man janareta in wuta ta ƙi zama. Kar ka yi miksin da iyafis na bulutut, yana jinkirta sauti sai ka ga baki daban magana daban, kuma yawancinsu an cika musu bas don su yi daɗin jin waƙa. Sai abu na ƙarshe wanda a ganina ya fi komai, ƙaramar waya mai sifika ɗaya, irin Itel ko Tecno ɗin da ake miƙa wa yara a gida. In taka babba ce ka ari ta ƙaninka, domin masu kallonka a irin wannan za su ji aikin.

2. Kowa da layinsa

Buɗe sabon aiki ka sa shi a 48000 Hz, shi ne abin da bidiyo ke amfani da shi. Sannan ka ba kowace murya tirak ɗinta: uwa daban, yaro daban, kawu daban. Kiɗa tirak ɗinsa, ƙararraki nasu, sai sautin wuri, wato irin tsuntsaye da kukan kaji da hayaniyar unguwa daga nesa, shi ma nasa. Muryoyi a mono, wato sauti guda ba hagu daban dama daban ba, kuma a tsakiya.

Gargaɗi: kar ka kai muryar wani can hannun dama ko hagu don yana tsaye a gefen hoto. Waya mai sifika ɗaya za ta tattara hagu da dama ta haɗe su, muryar da ka kai gefe ta yi ƙasa da sauran, sannan ka tuna yadda yara biyu ke raba iyafis ɗaya kowa kunne guda, in ka kai kawu can dama, wanda ke riƙe da na hagu ba zai ji shi ba sam.

Ka ajiye asalin muryoyin a wata folda daban kafin ka taɓa komai, saboda yawancin gyaran Audacity a jikin sautin yake zama.

3. Wanke murya

Ka fara da `High-Pass Filter`, ka sa 80 Hz ga muryar kawu, 100 zuwa 120 ga uwa da yaro, `Roll-off` kuma 12 dB ya isa. Hz a nan ma'aunin kauri da sirantar sauti ne, ƙaramar lamba sauti mai kauri, dB kuma ma'aunin ƙari ko ragin ƙarfinsa. Wannan zai kwashe gurnanin da ke ƙasa-ƙasa, irin na janaretan maƙwabta da girgizar tebur da iskar da ke bugun makirfo in an ce "p" ko "b". Ba za ka ji wannan gurnani a waya ba, amma yana nan yana cin waje, kuma shi ne zai hana ka ɗaga sautin a ƙarshe.

In akwai "shhh" na fanka ko na makirfo, ka zaɓi wajen da babu magana kamar sakan biyu, ka shiga `Noise Reduction` ka danna `Get Noise Profile`, sannan ka zaɓi tirak ɗin duka ka dawo ka rage 6 zuwa 9 dB. Kar ka yi zari a nan don Allah. Da ka haura 12 sai muryar ta fara wani irin ƙugi kamar mai magana a cikin ruwa, kuma sifikar waya ta fi hedifon tona wannan asirin. Ɗan shhh kaɗan kiɗa da sautin wuri za su rufe shi. Amma in hon ɗin Keke Napep ya faɗo a tsakiyar kalma, ko muryar ta fashe tun wajen ɗauka, babu maɓallin da zai gyara, a kira mai muryar ya sake layin, ya fi sauƙi.

Sai `Filter Curve EQ`. Sifikar waya ƙarama ce, duk abin da ke ƙasa da wajen 200 zuwa 300 Hz kusan ba ta iya fitar da shi, ƙarfinta yana tsakiya zuwa sama ne. Shi kuma abin da ke sa a gane magana, a bambance "s" da "sh" da "ts", ko "k" da "ƙ", yana tsakanin 2000 da 4000 Hz. Don haka in murya ta yi dum-dum saboda an ɗauka a ɗaki marar kaya, ka rage 2 ko 3 dB a wajen 300 Hz, ka ɗaga 2 dB a wajen 3000. Muryar yaro da ma siririya ce, sau da yawa ba ta buƙatar ɗagawar, in ka ƙara mata sai ta riƙa sukar kunne.

4. Daidaita muryoyi, nan aikin yake

In lokacinka kaɗan ne, a wannan matakin za ka kashe shi. Matsalar katun ɗinmu ita ce ba a rana ɗaya ake ɗaukar muryoyi ba, kuma ba a waje ɗaya ba. Uwa ta zo ta yi nata kusa da makirfo, kawu ya turo nasa daga Zariya ta waya, yaro kuwa yana yi yana juye-juye, kuma duk lokacin da nisan baki da makirfo ya ninka, sautin kai tsaye yana faɗuwa da wajen 6 dB. Shi ya sa layi ɗaya ya yi sama na gaba ya yi ƙasa.

Ka fara da hannu. Ka bi tirak ɗin yaro layi-layi, inda ka ga zanen sautin ya tsuke ka zaɓe shi ka ɗaga da `Amplify`, inda ya kumbura ka rage. Ka kula da ƙarshen jimla musamman, mu Hausawa muryarmu tana gangarowa ne yayin da magana ke tafiya, sai ka ji "Umma, akuya ce ta biyo ni" farkon ya fito ras amma "biyo ni" ɗin ya shige ciki. A hedifon za ka ji shi, a waya cikin hayaniya ya tafi. Ka ɗaga wutsiyar da 2 ko 3 dB.

Ihu da raɗa fa? A fim ɗin silima za a iya barin tazara mai yawa tsakaninsu, a waya ba zai yiwu ba. Ka bar ihun ya fi magana ta yau da kullum da kamar 3 ko 4 dB kawai, raɗa kuma ta yi ƙasa da kamar haka. Kar ka ji tsoron za a rasa armashin, yanayin muryar ne ke gaya wa mai kallo ihu ake yi, ba ƙarfinta ba.

Bayan aikin hannu sai `Compressor`, shi aikinsa danne kan da ya yi tsini. Ka fara da `Ratio` 3:1, `Attack` wajen 10 ms, `Release` wajen 120 ms, sai ka riƙa sauko da `Threshold` har ka ga yana danne 3 zuwa 6 dB a wuraren da murya ta yi ƙarfi. Alamar ka wuce gona da iri ita ce numfashi ya yi ƙarfi kamar magana, shhh ɗin da ka rage ya dawo tsakanin kalmomi. In ka ji haka ka koma baya ka ɗaga `Threshold`.

Daga nan ka zaɓi kowane tirak na murya shi kaɗai, ka shiga `Loudness Normalization`, ka zaɓi `perceived loudness` ka sa -20 LUFS, ka bar alamar `Treat mono as dual-mono` a kunne. LUFS ma'auni ne na yadda kunne ke jin ƙarfin sauti a tsawon lokaci, ba tsinin da ya yi na ƙiftawar ido ba, kuma yana tsallake wuraren shiru wajen lissafi, shi ya sa ya dace da tirak ɗin murya mai giɓi da yawa. Kar ka rikita shi da `Normalize` na kawai, wannan tsini yake dubawa, tari ɗaya mai ƙarfi ya isa ya sa ya bar sauran maganar a ƙasa.

Wani abin lura, kawu a labarinmu faɗa kawai yake yi daga farko har ƙarshe, in ka daidaita shi daidai da uwa sai faɗan ya yi sanyi, don haka shi ka sa masa -18. Yanzu ka saurari muryoyin uku su kaɗai, ka tsayar da bolum ɗin kwamfutarka a inda ya yi maka daidai, kuma kar ka sake taɓa shi har ka gama.

5. Kiɗa ya ba magana hanya

Kusan duk aikin da ake kawo min in saurara, kiɗan ya yi yawa. Dalilin kuwa mai sauƙi ne, kai ka rubuta labarin ka haddace shi, ko maganar ta nutse kunnenka zai cike maka gurbin, mai kallo kuwa yau ya fara ji.

Ka daidaita kiɗan shi kaɗai zuwa -26 LUFS, wannan shi ne matsayinsa a inda babu magana. In magana ta shigo kuma ya ƙara sauka da 10 dB, ya koma wajen -36, ka ga tazararsa da murya ta zama 16 kenan. Tsakanin 15 da 18 nan nake zama in don waya nake aiki.

Audacity tana da `Auto Duck` mai yin wannan. Ka zaɓi tirak ɗin muryoyi duka ka yi `Mix and Render to New Track`, sai ka jawo sabon tirak ɗin ya zauna a ƙasan na kiɗa daf da shi, dole a ƙasa, domin wanda ke ƙasa shi yake saurare. Ka zaɓi kiɗan kawai, ka sa `Duck amount` -10, `Maximum pause` kuma ka bar shi sakan 1 ko ka ɗan ƙara. In ka rage shi da yawa kiɗan zai riƙa tasowa tsakanin kowace jimla yana komawa, abin ya gajiyar da kunne. In ka gama ka yi wa wannan haɗaɗɗen tirak ɗin `Mute`, in ba haka ba muryoyin za su fito sau biyu.

Ba ƙarfi ne kaɗai matsala ba, har da irin kayan kiɗan. Kalangu yana kwaikwayon maganar mutum ne, hawa da saukarsa a yankin murya suke, haka algaita da sarewa da gurmi duk a tsakiyar nan suke yawo inda sifikar waya ta fi ƙarfi. A hedifon bas yana cika kunne sai ka ji kalangun ya lafa, a waya kuwa bas ɗin ya ɓace, kalangu ya rage shi da uwa suna ta musayar yawu. Maganin shi ne ka rage 3 ko 4 dB a kiɗan tsakanin 1000 da 4000 Hz, in kuma kana da kayan kiɗan a rarrabe to ka cire kalangun gaba ɗaya a ƙarƙashin magana, ka dawo da shi lokacin da akuya ke bin yaro, can ne ma yake da amfani. Waƙa mai baiti kuwa kar ka sa ta ƙarƙashin magana ko kaɗan. Ka kuma yanke ƙasan kiɗan da `High-Pass Filter` a 60 Hz.

6. Ƙararraki

Faɗuwar kwanon sha ba za ta ba ka wahala ba, ƙarar ƙarfe a sama take, waya za ta fitar da ita har ta yi yawa, sai dai ma ka rage. Ka'idata ita ce babu ƙarar da za ta fi ihun ɗan wasa ƙarfi. In kwano ya firgita jaririn da ke barci kusa da mai kallo, za a rage bolum, kuma daga nan maganar da ke biye ta tafi.

Wahalar tana wajen ƙararraki masu nauyi, takun gudu a ƙasa, faɗuwar buhu, bugun ƙofa, tsawa. Waɗannan kusan duk ƙarfinsu bas ne, ka ji "dim" a hedifon, a waya ka ji shiru. Kuskuren da ake yi shi ne a yi ta ɗaga su, ba za su fito ba, sai dai su cinye maka waje. Abin yi shi ne ka ɗora musu wani sauti mai kaifi a daidai wurin. Takun yaro ka haɗa shi da "fat-fat" na silifas, ka ɗauka da kanka a kan siminti, faɗuwar buhu ka ƙara mata ƙarar tsakuwa ko murƙushe leda kaɗan. Kunne yana jin na saman sai ya yarda da nauyin.

Ka kuma duba lokaci. In kukan akuya ya faɗo daidai kan kalmar da labari ya dogara a kanta, matsar da shi rabin sakan gaba ko baya, ya faɗa a giɓin numfashi, wannan ya fi duk wani rage ƙarfi. Sautin wuri kuma ya zauna can ƙasa, wajen 20 zuwa 25 dB ƙasa da murya, ka ji shi in an yi shiru kawai.

7. Ƙarfin ƙarshe

Yanzu ka haɗe komai a tirak ɗaya na sitiriyo, ban da haɗaɗɗen tirak ɗin muryoyin nan da ka yi wa `Mute`, shi kar ka zaɓe shi. Gidajen talabijin na Turai suna bin ƙa'idar EBU R128 wadda ta tsaya a -23 LUFS, amma wannan ya yi ƙasa ga waya. YouTube kuwa yana daidaitawa a wajen -14, abin da ya haura sai ya rage shi, wanda ya gaza kuma ba lallai ya ɗaga maka ba. Don haka -14 ko -15 za ka nufa. Wanda ya matse sautinsa har -8 don ya fi na kowa ƙara, za a sauko da shi daidai da na kowa, ya tashi da fasasshen sauti a banza.

A misalinmu, muryoyi a -20 da kiɗa da ƙararraki a kai, jimillar za ta tsaya kusan -19. Ka yi `Loudness Normalization` zuwa -14, wato ɗagawar kamar 5 dB, nan take kuma ka bi shi da `Limiter` ka tsayar da tsini a -1.5 dB. Kar ka fitar da fayil tsakanin waɗannan biyun, tsinin ya riga ya haura sifili a lokacin, limita ce za ta dawo da shi. Dalilin barin wannan ɗan sararin kuwa, in aka matse sauti zuwa AAC, irin sautin da ake sakawa a bidiyo, wajen fitar da shi ko ɗorawa, tsini yakan ƙaru kaɗan, in babu waje sai ya fashe.

In ka lura limita tana aiki tuƙuru a waje ɗaya, misali faɗuwar kwano ta sa muryar kawu ta dushe na ɗan lokaci, kar ka nemi gyara a nan, koma mataki na 6 ka rage kwanon ka sake haɗawa.

Ka fitar da WAV a 48000 Hz, ka kai manhajar editin ɗinka, ka tabbata bolum ɗin tirak ɗin yana kan sifili kuma ka kashe tsohon sautin da ke jikin bidiyon. Bayan ka fitar da bidiyon ka auna shi da ffmpeg, ka sa sunan fayil ɗinka a madadin katun.mp4:

```
ffmpeg -i katun.mp4 -af loudnorm=print_format=summary -f null -
```

Ka duba `Input Integrated`, ya kasance kusa da -14, sai `Input True Peak` kar ya haura -1. Layin `Input LRA` kuma yana nuna tazarar da ke tsakanin wuraren ƙarfi da na sanyi, ni in na ga ya wuce 10 a katun na waya nakan koma in duba, galibi waƙar buɗewa ce ta yi ƙara fiye da labarin. In silsila kake yi, ka rubuta waɗannan lambobin ka manna a bango, kashi na 1 da kashi na 12 su fito da ƙarfi ɗaya.

8. Gwaji a waya

Kafin ka tura, za ka iya gwadawa a kwamfuta: kwafi tirak ɗin ƙarshe, ka yi masa `Mix Stereo Down to Mono`, ka sa `High-Pass Filter` a 300 Hz da `Roll-off` 24 dB, ka saurara. In wani kayan kiɗa ya ɓace ko ya yi siriri da ka mayar mono, to an baza shi hagu da dama fiye da kima ne, ka rage faɗin ko ka canja kiɗan. Ka goge kwafin bayan ka gama kar ya bi ka cikin aikin.

Sai gwajin gaske. Tura bidiyon zuwa ƙaramar wayar nan, ka sa bolum a rabi ko sama kaɗan, ba a ƙarshe ba, ka riƙe ta nesa da kai kamar tsawon hannu. Ka ji a ɗaki fanka na juyawa, sannan ka fita bakin titi, in kana kusa da Kasuwar Barci ko gadar Kawo ma ya fi, inda hon da hayaniya ba sa yankewa. Ka kuma tura ta WhatsApp ka ji wanda ya sauka, domin yana sake matse bidiyo, kuma ta nan aikinka zai fi yawo.

Mafi muhimmanci, ka miƙa wa wanda bai san labarin ba, yaro ɗan firamare ko wata a gida, kar ka yi masa bayanin komai. Ka zuba wa babban yatsansa ido, duk inda ya kai hannu kan maɓallin bolum ka rubuta minti da sakan. In ya ƙara, murya ce ta yi ƙasa a wurin, koma mataki na 4. In ya rage, ƙara ce ko kiɗa, mataki na 5 ko 6. In ya ce "me ya ce?" ka duba me ke ƙarƙashin wannan layin. Bayan ka ɗora a YouTube kuma ka buɗe `Stats for nerds` a kwamfuta ka dubi layin `Volume / Normalized`, in lamba ta biyu ta yi ƙasa da 100% sosai to an rage maka, a kashi na gaba sai ka sauko da ƙarfin ƙarshe da gwargwadon abin da aka rage.